Me ya sa "ƙasa" ta koma `Æ™asa`? Tambayoyi da amsoshi kan hargitsewar haruffa

Duk mai buga Hausa da haruffa masu ƙugiya, ko ba jima ko ba daɗe, zai buɗe wani fayil ya tarar rubutunsa ya koma kamar tonon kaji. Tambayoyin nan su ne waɗanda masu buga takardu a shagon kwamfuta, da malamai masu haɗa jerin sunayen ɗalibai, da masu kula da shafukan labarai suka fi yi. An sa musu lamba don a riƙa tura mai karatu daga wannan amsa zuwa waccan.

1. Mene ne sunan wannan abu, kuma daga ina yake zuwa?

Masu harkar kwamfuta suna ce masa mojibake. Kalmar Japananci ce: "moji" harafi, "bake" kuma rikiɗa. Japanawa sun daɗe suna fama da shi, domin sun yi amfani da tsare-tsaren adana rubutu daban-daban da ba sa jituwa da juna, shi ya sa sunan da suka raɗa masa ya bi duniya.

Abin da ke faruwa a taƙaice shi ne: kwamfuta ba ta ajiye harafi, lamba take ajiyewa. Akwai jadawali da ke cewa lamba kaza harafi kaza ce. Idan aka rubuta fayil da wani jadawali, aka zo karantawa da wani daban, sai lambobin su fito da haruffan da ba su aka nufa ba.

2. Ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, ko fayil ɗin ne ya lalace?

Ko ɗaya. A mafi yawan lokuta fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, manhajar da ta buɗe shi ce ta yi masa mummunar fahimta. Saboda haka kafin komai, kada ka danna `Save`. Rufe shi yadda ka same shi, ka kwafe shi ka ajiye gefe, sannan ka fara gwaje-gwajenka a kan kwafin. Yawancin rubutun da ya salwanta gaba ɗaya, hannun mai gyara ne ya ƙarasa shi. Amsa ta 10 ta bambance wanda ke gyaruwa da wanda ya riga ya mutu.

3. To ta yaya harafi ɗaya yake zama biyu?

Ma'aunin da kwamfuta ke ajiya da shi sunansa bayit, kuma bayit ɗaya lamba ce daga 0 zuwa 255. Tsofaffin jadawalai suna ba kowane harafi bayit ɗaya, wato gurbi 256 ke nan duka-duka. Wanda ya fi yawa a kwamfutocin Windows na Ingilishi da Faransanci shi ne `Windows-1252`, kuma babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. An yi shi ne don harsunan Yammacin Turai.

Daga baya aka fito da Unicode a 1991, wanda ya ba kowane harafi na harsunan duniya lambarsa. Lambar ƙ ita ce 409, wadda ta fi ƙarfin bayit ɗaya. Tsarin `UTF-8`, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka ƙirƙiro a 1992, yakan raba irin wannan lamba gida biyu: ƙ ta zama 198 da 153. Manhajar da ta san `UTF-8` take karantawa za ta haɗa biyun ta nuna ƙ. Wadda ta ɗauka `Windows-1252` ne kuwa, za ta duba 198 ta ga `Æ`, ta duba 153 ta ga `™`, ta jera maka su.

Kana iya tabbatar da wannan da hannunka. A Windows, danne `Alt` ka buga `0198` a maɓallan lambobi na gefen dama, `Æ` zai fito. Buga `0153`, ka ga `™`. Masu shirya manhaja sun fi rubuta waɗannan lambobi biyu a matsayin `C6` da `99`, a tsarin ƙirga na sha shida-sha shida. Lambobin ɗaya ne, salon rubutawa ne ya bambanta, kuma za ka sake cin karo da su a amsa ta 16 da ta 17.

4. Me ya sa sauran haruffan ba sa taɓuwa?

Domin gurabe 128 na farko, inda a zuwa z da lambobi da aya da waƙafi suke, gado ne daga jadawalin ASCII na shekarun 1960, kuma `UTF-8` da `Windows-1252` duk sun bar su yadda suke. Shi ya sa takardar Ingilishi zalla kan wuce salin-alin, ta Hausa kuwa ta fito da tabo a duk inda ƙugiya take. Wannan ma alama ce: idan har a, b, c sun rikice, to matsalarka wata ce daban.

5. Waɗanne alamomi ne kowane harafin Hausa ke komawa?

Idan rubutun `UTF-8` ne aka karanta da `Windows-1252`, wanda shi ne ruwan dare, ga abin da za ka gani:

```
ƙ → Æ™     Ƙ → Æ˜
ɗ → É—     Ɗ → ÆŠ
ɓ → É“     Ɓ → Æ (na biyun ba ya fitowa)
ƴ → Æ´     Ƴ → Æ³
₦ → â‚¦    ʼ → Ê¼
```

Gwada karanta wannan layi da jerin a hannu: `KuÉ—in É—anâ€™uwana â‚¦500 sun É“ace a Æ˜anÆ™ara`. Abin da aka rubuta shi ne "Kuɗin ɗan'uwana ₦500 sun ɓace a Ƙanƙara", `â€™` ɗin kuwa alamar ɗauri ce, bayaninta yana amsa ta 7. Ka lura babu abin da ya ragu daga jimlar. Kowane harafi yana nan, rigar aro kawai ya saka. Ƴ da ƴ sun fi fitowa a rubutun Nijar, tunda a Nijeriya 'y ake rubutawa, ita kuma tata rigimar tana amsa ta 7. Babban Ɓ ya fita daban da 'yan'uwansa, kuma dalilin yana amsa ta 14.

6. Idan ba ni da jerin a kusa, akwai ƙa'idar da zan riƙe?

Akwai, kuma a ganina ita ta fi cancanta a haddace, ba jerin ba. A `UTF-8`, harafi mai bayit biyu yana farawa da lamba tsakanin 194 da 223, na biyun kuma yana tsakanin 128 da 191. A `Windows-1252`, rukunin farko kusan duk manyan haruffa ne masu ado a ka, irin su `Â Ã Æ É Ø Ù`. Rukuni na biyu kuwa galibinsa tarkacen alamomi ne: `™ — “ © ´ € ¢`. Don haka sawun ɓarawon kullum iri ɗaya ne: babban harafi mai ado, alama na bin sa a baya, sau da yawa a tsakiyar kalma inda babban harafi ba shi da abin yi. Babu harshen da ke rubuta `kuÉ—i` da gangan.

Abu na biyu, harafin farko yana faɗa maka dangin abin da ya ɓuya. `Æ` da `É` na nufin haruffanmu masu ƙugiya da maƙwabtansu na wasu harsunan Afirka. `Ã` na nufin wasula masu ado irin na Faransanci. `Ø` da `Ù` Larabci ne. Ƙaramin `â` yana jan alamomi biyu a bayansa, domin abin da ya ɓuya mai bayit uku ne, kamar alamar naira. `ð` kuma yana jan uku.

Na uku, hargitsin ba ya canza ra'ayi. Idan ƙ ta zama `Æ™` a layin farko, haka za ta kasance har ƙarshen fayil. Idan ka ga harafi ɗaya yana fitowa da fuska biyu a fayil guda, to rubutu ne da aka tattaro daga wurare daban-daban, kuma kowane sashe gyaransa daban.

7. Ni ba na amfani da ƙugiya, amma `â€™` ya cika min rubutu. Mene ne shi?

Alamar ɗauri ce, wadda muke sawa a 'ya'ya da sana'a da ma'ana. Wadda ke kan maɓallin kwamfuta miƙaƙƙiya ce, tana cikin gurabe 128 na farko, ba ta taɓa rikicewa. Amma Word yakan musanya ta da lanƙwasasshiya ba tare da ya tambaye ka ba, ita kuma bayit uku ce. Shi ya sa sana'a ke komawa `sanaâ€™a`. Bature yakan ci karo da wannan jefi-jefi, Bahaushe kuwa kusan kowane layi.

Duk abin da ya fara da `â€` ɗan gidan nan ne: `â€˜` ɗauri mai kallon ɗaya ɓangaren, `â€œ` buɗe zance, `â€“` gajeren karan ɗori, `â€¦` ɗige uku. Idan kuma kana ganin `Â` tsaye shi kaɗai kafin sarari, wani nau'in sarari ne da shafukan intanet ke amfani da shi don hana kalmomi biyu rabuwa a ƙarshen layi.

8. Larabci da Faransanci da 'yan hotunan nan na waya fa?

Kalmar سلام a `UTF-8` tana komawa `Ø³Ù„Ø§Ù…`: haruffa huɗu sun zama takwas, kuma `Ø` da `Ù` suna ta maimaituwa bi da bi. Ajami ma haka yake yi, tunda da haruffan Larabci ake rubuta shi. Amma akwai wani salo na daban: `ÓáÇã`. Wannan ma سلام ce, sai dai an adana ta da tsohon jadawalin Larabci na `Windows-1256`, bayit ɗaya ga kowane harafi. Za ka gane shi da cewa tsawon kalmar bai ƙaru ba, kuma haruffa masu ado ne jere babu alamomi a tsakani. Tsofaffin fayilolin littattafan addini sukan zo a haka, maganinsu kuma shi ne a buɗe su da `Windows-1256`.

Ga masu aiki da takardun Faransanci a Nijar ko Kamaru ko Chadi, é tana zama `Ã©`, è tana zama `Ã¨`, sai ka ga `TillabÃ©ri`. Hotunan dariya da kuka na waya kuwa bayit huɗu ne, kusan duk suna farawa da `ðŸ`, misali 😂 yana komawa `ðŸ˜‚`.

9. Nawa bai yi kama da jerin amsa ta 5 ba. Ina ganin `∆ô` ko `╞Ö`.

Cutar ɗaya ce, jadawalin da aka yi kuskuren karantawa da shi ne ya bambanta. Lambobin nan dai 198 da 153 ne. Tsohon jadawalin kwamfutocin Apple, `Mac Roman`, yana nuna su `∆ô`, ɗ kuma `…ó`, ɗauri `‚Äô`. Baƙin allon umarni na Windows, idan yana kan jadawali mai lamba 437, yana nuna ƙ a matsayin `╞Ö`, ɗ kuma `╔ù`. Da ka ga guntayen layukan zana akwati a cikin kalma, to daga can ne. Umarnin `chcp` zai faɗa maka jadawalin da allon ke kai, `chcp 65001` kuma ya mai da shi `UTF-8`.

Wanda ya fi ruɗarwa shi ne `ISO-8859-1`. A cikinsa gurabe 128 zuwa 159 ba su da siffar da ido ke gani, don haka ƙasa takan fito `Æasa`, sannan ɗ da ɓ duk su zama `É` tsirara. A ido kamar rabin harafin ya ɓace, amma sau da yawa bayit na biyun yana nan a laɓe, kuma rubutun zai gyaru muddin ba a bi ta wata manhaja da ta share shi ba.

10. Mene ne bambancin `?` da `�` da ɗan akwati `□`?

Nan ne ake gane mai rai da gawa. Ɗan akwati ba mojibake ba ne ma sam. Manhajar ta karanta harafin daidai, zubin haruffan da aka zaɓa a akwatin `Font` ne ba shi da hoton ƙ, sai ya ajiye akwati a gurbinta. Canza zubin zuwa wanda ya san haruffan Afirka, kamar Noto Sans ko Charis SIL ko Andika, ka ga rubutu ya dawo. Gwaji mai sauƙi: kwafi kalmar ka liƙa a wani wuri. Idan ta fito daidai, laifin zubi ne.

Alamar tambaya kuwa, kamar `?asa` da `ku?i`, labari ne marar daɗi. Ma'anarta an adana rubutun cikin jadawalin da ba shi da gurbin harafin, manhajar ta jefar da shi ta sa `?` na gaske a madadinsa. Yanzu ƙ da ɗ da ɓ duk sun zama abu ɗaya, kuma babu lissafin da zai raba su. `?ari` ɗari ne ko ƙari ko ɓari? Sai mai jin Hausa ya karanta jimlar ya yanke hukunci, ko a nemo asalin fayil.

Baƙin lu'ulu'u mai alamar tambaya, `�`, yana tsakiya. Yana fitowa idan manhaja tana karanta `UTF-8` ta ci karo da bayit da bai bi ƙa'ida ba. Misali tsohon fayil na `Windows-1252` mai é zai nuna `Tillab�ri`, wato akasin abin da ke amsa ta 8. Haka kuma idan aka datse rubutu a tsakiyar harafi, aka bar 198 babu abokin tafiyarsa. In dai a fuskar kwamfuta kawai yake, sake buɗewa da jadawalin da ya dace zai warware. In an riga an adana da shi, ya bi sahun alamar tambaya. Idan kuma ka ga `ï¿½`, to gawar ce aka sake yi wa mojibake.

11. Tsofaffin takardu suna nuna `}asa` da `]aya` da `~ata`, wasu kuma qasa da xaya. Shi ma mojibake ne?

Ɗan'uwansa ne, amma ba uwa ɗaya ba. Kafin Unicode ya wadata, masu ɗab'in Hausa sun yi dabara: suka ƙera zubin haruffa na musamman, aka zana ƙ a gurbin `}`, ɗ a gurbin `]`, ɓ a gurbin `~`. Wasu kuma suka ari q da x da v, tunda Hausa ba ta amfani da su. A kan takarda komai daidai. Amma abin da ke cikin fayil ɗin `}` ne na gaske, don haka da zarar an buɗe a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, ko aka ɗora a intanet, sai asiri ya tonu.

Sauya jadawali ba zai yi komai a nan ba. Musanyawa da `Find and Replace` ce magani, kuma a nan ta halatta, saɓanin abin da ke amsa ta 15. A yi hattara kawai da wuraren da alamar take nufin kanta, kamar baka-biyu na gaske, ko sunan baƙi mai x ko v.

12. Na sauke jerin sunaye na CSV, Excel ya hargitsa shi. Yaya zan yi?

Mu ɗauka kai ne sakataren wata ƙungiyar manoma, mambobi sun cike fom a intanet, ka sauke fayil ɗin, ka danna shi sau biyu. A layin gari ka ga `Æ˜anÆ™ara` da `Æ˜araye`. Da jerin amsa ta 5 ka riga ka san `UTF-8` ne aka karanta da `Windows-1252`. Dalili shi ne fayil ɗin CSV rubutu ne tsura, ba ya ɗauke da bayanin jadawalinsa, Excel kuma idan bai ga wata shaida ba yakan koma ga tsohon jadawalin kwamfutar. Don ka tabbatar, buɗe fayil ɗin da Notepad. Idan Ƙanƙara ta fito daidai a can, fayil ɗinka garau yake.

Rufe Excel ba tare da adanawa ba. Buɗe sabon shafi, ka shiga `Data`, ka zaɓi `From Text/CSV`, ka nuna fayil ɗin. A akwatin `File Origin` zaɓi `65001: Unicode (UTF-8)`. Tun a ɗan samfurin da zai nuna maka za ka ga ƙugiyoyi sun dawo, sannan ka danna `Load`. Wajen adanawa akwai rami biyu. Idan ka adana rubutu mai kyau da `CSV (Comma delimited)`, ƙugiyoyin za su zama alamar tambaya. Idan kuma ka adana hargitsattsen a matsayin `xlsx`, to `Æ˜` ya zama ainihin abin da ke cikin fayil, sai an bi hanyar amsa ta 14. Zaɓi `xlsx` ko `CSV UTF-8 (Comma delimited)` bayan rubutun ya fito daidai.

Shaidar da Excel ke nema wasu bayit uku ne a farkon fayil, ana ce musu `BOM`. `CSV UTF-8` yana saka su, shi ya sa fayil ɗinsa ke buɗuwa daidai da dannawa biyu. Manhajar da ba ta san su ba takan nuna su `ï»¿` manne da kalmar farko. Ganin wannan ma albishir ne, domin ya tabbatar maka fayil ɗin `UTF-8` ne.

13. Nawa ya fi haka muni: harafi ɗaya ya zama `Ã†â„¢`.

An yi kuskuren sau biyu ne. Da farko ƙ ta zama `Æ™`, wani ya adana haka a `UTF-8`. To `Æ` kansa bayit biyu ne, `™` kuma uku. Da aka sake karantawa da `Windows-1252`, sai `Æ` ya zama `Ã†`, `™` ya zama `â„¢`. Harafi ɗaya ya haifi biyar. Haka ɗ ke zama `Ã‰â€”`, ɗauri kuma `Ã¢â‚¬â„¢`. Alamar ninki ita ce yawan `Ã` da `â` da `Â` a cunkushe wuri ɗaya. An fi ganinsa a shafukan da aka kwashe daga wannan rumbun bayanai zuwa wancan fiye da sau ɗaya. Yana gyaruwa, ɓawo-ɓawo kamar albasa: a yi gyaran amsa ta 14, a duba, a sake.

14. Hargitsin ya riga ya zauna cikin fayil. Akwai hanyar dawo da shi?

Akwai: a bi sawun kuskuren da baya. A mai da alamomin zuwa lambobinsu ta `Windows-1252`, sannan a karanta lambobin da `UTF-8`. A Python layi biyu ne:

```python
s = "Æ™asa"
print(s.encode("cp1252").decode("utf-8"))
```

Zai buga ƙasa. Ga fayil sukutum a Linux ko Mac:

```
iconv -f UTF-8 -t WINDOWS-1252 tsoho.txt > sabo.txt
```

Kada sunan fayil na biyu ya zama ɗaya da na farko, in ba haka ba za ka shafe asalin. Idan umarnin ya tsaya da ƙorafi a tsakiya, galibi fayil ɗin gauraye ne, wani sashe hargitsattse wani kuma mai ƙ ta gaskiya, wadda ba ta da gurbi a `Windows-1252`. Irin wannan sai a bi shi layi-layi, ko a ba wa `ftfy`, wani kayan aiki na Python da aka yi musamman don wannan, wanda ke gyara inda ya lalace ya bar inda yake daidai.

Sai maganar babban Ɓ. Bayit ɗinsa na biyu 129 ne, kuma 129 na cikin gurabe biyar da `Windows-1252` ya bari babu kowa: 129, 141, 143, 144 da 157. Wasu manhajoji suna riƙe shi a ɓoye, wasu su sa `?` ko `�`, wasu su yar da shi. Layin Python na sama zai ƙi aiki a kansa, `ftfy` kuwa yana iya dawo da shi idan bayit ɗin na nan. Alamar rufe zance ma ƙarshenta 157 ne, shi ya sa take fitowa `â€` guntuwa. Bayan kowane gyara, nemi `Æ` da `â€` da suka rage ka duba su da ido. `Æaure` dai Ɓaure ne.

15. Ba zan iya yin `Find and Replace` kawai in huta ba?

A takarda mai shafi biyu ko uku, za ka iya, kuma ni ma nakan yi. Amma ka nemi alamomin biyu a haɗe, kada ka taɓa musanya `Æ` shi kaɗai, domin ƙ da Ƙ da Ɗ da ƴ duk da shi suke farawa. Ka kunna `Match case`. Idan akwai ninki irin na amsa ta 13, fara da dogayen kafin gajeru.

Illarsa ita ce abin da ka sani kawai kake gyarawa. Alamar naira ɗaya a shafi na arba'in za ta tsira. Kuma da zarar ka gyara rabi da hannu, fayil ya zama gauraye, hanya mai sauƙi ta amsa ta 14 ta toshe. Haka nan kada ka bar wata manhaja ta "tsabtace" rubutun tukuna: idan ta mai da `“` miƙaƙƙiya ko ta rage tsawon `—`, ta goge shaidar da ke bambanta ɓ da ɗ.

16. A shafina na intanet abin yake. Ina zan fara dubawa?

Rubutu yana ratsa zango uku kafin ya iso idon mai karatu: rumbun bayanai, igiyar da ke haɗa rumbun da manhajar shafin, sai sanarwar da shafin ke yi wa burauza. Fara da na ƙarshe don ya fi sauƙi. A saman shafin, cikin bayit 1024 na farko, ya kamata a sami:

```html
<meta charset="utf-8">
```

Idan yana nan amma ba ta canza zani ba, duba `Content-Type` da saba, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ke aikowa, domin idan suka saɓa, burauza maganar saba take ɗauka. In duka biyun daidai suke, tambayi rumbun abin da ya ajiye. A MySQL:

```sql
SELECT suna, HEX(suna) FROM mambobi LIMIT 5;
```

A gurbin ƙ, idan ka ga `C699`, ajiyar daidai take, matsalar tana hanya. Idan ka ga `C386E284A2`, an ajiye `Æ™` ne, sai gyara irin na amsa ta 14 bayan ka ɗauki kwafin rumbun. `3F` alamar tambaya ce, `EFBFBD` kuma baƙin lu'ulu'u, duka biyun sai dai a sake shigar da rubutun. Wani abin mamaki da ke faruwa: shafi ya shekara yana nuna Hausa daidai alhali igiyar tana kan `latin1`, wato sunan da MySQL ke kiran `Windows-1252` da shi, saboda kuskuren shiga da na fita suna kashe juna. Ranar da aka gyara igiyar zuwa `utf8mb4`, wato `UTF-8` na MySQL, sai tsofaffin labarai su hargitse, sababbi su fito lafiya. Wanda ya yi gyaran ake zagi, alhali ɓarnar ta girme shi.

17. A adireshin shafi ina ganin `%C6%99`, a imel kuma `=C6=99`. Su ma lalacewa ce?

A'a, waɗannan shiri ne da gangan. Adireshin intanet da wasu hanyoyin aika imel ba sa ɗaukar komai sai haruffan ASCII, don haka ake rubuta lambobin bayit ɗin a fili: `C6` da `99` ɗin nan na amsa ta 3. Haka `ƙ` a cikin shafi yake nufin ƙ, `ɗ` ɗ, `ɓ` ɓ. Burauza da manhajar imel su ke mai da su haruffa. Idan suka bayyana a tsakiyar labari inda mai karatu ke gani, to wani mataki ne ya manta bai kwance ƙullin ba, ko ya ƙulla sau biyu, kamar `%25C6%2599`, inda alamar `%` kanta ta zama `%25`.